Tsefe Tsakure: Daga Dunƙulallen Sakin Layi Zuwa Kanu Huɗu

Wata ƙaramar likita ta same ni da hantsi riƙe da takarda guda. Watanni ta ɗauka tana rubuta maƙalarta ta farko, ta aika wa wata mujallar kiwon lafiya, kwana biyu kacal aka dawo mata da ita. Ba a ce binciken bai yi ba, domin ba a ma kai ga karanta shi ba. Saƙon layi ɗaya ne: a sake tsara tsakuren a ƙarƙashin kanu huɗu, sannan a sake aikowa.

"Malam, ai wannan aikin minti goma ne," in ji ta. "Kanun kawai zan saka."

Na ce mata, "To Likita, bismillah, saka mu gani."

Sai bayan la'asar muka tashi. Da ta yanka sakin layin gida huɗu, sai ga shi kashi biyu cikin uku na kalmominta sun taru a ƙarƙashin kan farko, suna bayanin yadda cutar ta addabi jama'a. Kai na biyu ya tashi da jimla ɗaya tal. A kai na uku, inda ya kamata alƙaluma su zauna, babu lamba ko ɗaya, sai "an sami gagarumin bambanci". Duk wannan giɓi yana nan tun farko, amma da yake jimlolin suna jere da juna cikin daɗin karatu, ita kanta ba ta gan shi ba. Kanun ne suka fito da shi fili.

Tsakure shi ne ɗan taƙaitaccen bayanin nan da ke saman maƙalar bincike, bayan take da sunayen marubuta. Yawanci bai wuce kalma 250 zuwa 300 ba. Kashi biyu ne. Akwai dunƙulalle, wanda ake zubo shi a sakin layi ɗaya, irin wanda ɗalibanmu suka saba rubutawa a gaban kundin digiri. Akwai kuma mai kanu, wanda aka raba shi gida-gida: shimfiɗa, hanyar bincike, sakamako da kammalawa. A shafin intanet na mujallun da ke fitowa da Ingilishi za ka ga an rubuta su Background, Methods, Results da Conclusions, sau da yawa kowanne da akwatinsa da za a cike.

Abin da ya sa ake tsaurarawa a kan wannan ɗan guntun rubutu shi ne, shi kaɗai mafi yawan mutane za su taɓa karantawa. Cikakkiyar maƙala sau da yawa sai an biya kuɗi, tsakure kuwa kyauta ne a rumbuna irin PubMed. Likitan da ke asibitin karkara, da jami'in ma'aikatar lafiya, da ɗan jaridar da zai ba da labarin a rediyo, da shi za su yanke hukunci.

Tsarin kanun bai daɗe sosai ba. A 1987 wani ayarin masana, wanda Brian Haynes na Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada yake cikin jagororinsa, suka buga shawara a mujallar Annals of Internal Medicine cewa a riƙa rubuta tsakuren binciken asibiti a ƙarƙashin kanu. Damuwarsu ita ce likita mai aiki ba ya iya gane daga dunƙulallen tsakure ko binciken ya cancanci a dogara da shi, domin marubuta sukan tsallake ainihin abin da zai nuna hakan: su wa aka gwada, ta yaya aka raba su, me aka auna. Shawarar ta karɓu, manyan mujallun likitanci suka ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wasu suka taƙaita kanun zuwa huɗu. Ba duka fagage ne suka bi ba. Mujallu irin su Nature har gobe dunƙulalle suke bugawa, kuma masu nazarin adabi da tarihi ba su cika buƙatar kanun ba. Shi ya sa mutum zai iya rubuta tsakure don wata mujalla, in ta ƙi maƙalar ya koma wata, sai ya tarar dole ya sake masa fasali.

Gwaji a kan bincike na gaskiya

Bari mu yi aikin da hannu. Na zaɓi wani bincike da ya shafe mu kai tsaye, wanda Daniel Chandramohan da abokan aikinsa suka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2021. An yi shi a Burkina Faso da Mali, a kan zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ke zaune a arewacin Nijeriya ko kudancin Nijar ya san maganin kariyar nan da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara wata-wata da damina. Masu binciken sun so su kwatanta shi da allurar riga-kafi ta RTS,S, su kuma ga abin da zai faru in an haɗa biyun.

Asalin tsakuren da kanunsa ya fito. Ni ne na ɗauki bayanansa na sake zubo su da Hausa a dunƙule, na cakuɗa su irin cakuɗar da nake yawan gani a rubutun masu farawa. Ga shi:

> Zazzaɓin cizon sauro har yanzu babbar matsala ce a yankin Sahel, inda yake tsananta da damina. Mun gano cewa haɗa allurar RTS,S da maganin kariya na damina ya rage kamuwa da kashi 62.8 cikin ɗari idan aka kwatanta da maganin kaɗai, a wani gwaji da aka raba yara 6,861 'yan wata 5 zuwa 17 gida uku ta hanyar ƙuri'a a Burkina Faso da Mali. Manufar ita ce a ga ko allurar kaɗai ba ta gaza maganin ba, da kuma ko haɗin ya fi kowannensu. Yara 5,920 ne suka karɓi kashin farko, aka bi su shekara uku. A kowace shekarar bibiya ta yara 1,000, an sami kamuwa 305 a rukunin magani, 278 a rukunin allura, 113 a rukunin haɗi. Ma'aunin haɗarin allura a kan magani 0.92 ne (0.84 zuwa 1.01), bai kai iyakar 1.20 da aka gindaya tun farko ba, don haka allurar ba ta gaza maganin ba. Mutuwa sanadiyyar cutar ta ragu da kashi 72.9 cikin ɗari (2.91 zuwa 92.4) a rukunin haɗi idan aka kwatanta da maganin kaɗai. Yara biyar sun yi jijjiga saboda zafin jiki washegarin allura, duk sun warke. Haɗin biyun ya fi kowannensu shi kaɗai.

Jimla tara ke nan. Babu ƙarya a ciki, kuma yana karantuwa. Amma ka gwada neman amsar tambaya ɗaya, misali yara nawa aka bi har aka ƙidaya, za ka ga sai ka koma farko ka sake bi, kuma akwai yiwuwar ka ɗauki 6,861 alhali ba ita ba ce.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne ya ɗauki almakashi ya yanka bisa jeri: jimla biyun farko shimfiɗa, biyun gaba hanya, da sauransu. In ka yi haka a nan, sakamakon kashi 62.8 zai faɗa cikin shimfiɗa, kamar abu ne da duniya ta sani tun kafin a fara gwajin. Matsayin jimla a cikin sakin layi ba ya nuna gidanta.

Ni tambaya ɗaya nake yi wa kowane guntun bayani: yaushe aka san wannan? In an san shi tun kafin a yi tunanin binciken, shimfiɗa ne. In masu binciken ne suka yanke shi kafin su taɓa yaro ko ɗaya, hanyar bincike ne. In sai da aka yi aikin aka ƙidaya sannan ya bayyana, sakamako ne. In kuma fahimtar marubutan ce a kan abin da ƙidayar ta nuna, kammalawa ne. Na ce guntun bayani, ban ce jimla ba, domin jimla guda tana iya ɗauke da kayan gida biyu ko uku, sai an tsefe ta.

Jimla ta farko ba ta da wahala. Tsananin cutar da damina sanannen abu ne, ta tafi shimfiɗa.

Ta biyu ita ce mai aiki. Kashi 62.8 sai bayan shekara uku aka same shi, sakamako ne. Cewa gwaji ne na ƙuri'a, da cewa rukuni uku ne, da shekarun yaran, da ƙasashen biyu, duk an tsara su tun ana zaune a teburi, hanyar bincike ne. To, 6,861 fa? Nan ne ake yawan tuntuɓe, domin hankali yana kai lambar wajen hanya tunda tana maganar waɗanda aka gwada. Amma ka yi mata tambayar. Masu bincike za su iya ƙudurta tun farko cewa 'yan wata 5 zuwa 17 suke so, har su ƙiyasta adadin da suke fata, sai dai ba za su san ainihin yara nawa za a samu ba sai an shiga ƙauyuka an yi rajista. Sharaɗin shiga hanya ne, adadin da ya shiga sakamako ne. Haka ƙa'idar CONSORT ta tsakure, wadda aka fitar a 2008 don gwaje-gwajen ƙuri'a, ta tsara: adadin da aka raba da adadin da aka yi lissafi da su, duka a ƙarƙashin sakamako.

Wannan rabon yana da amfani da ya wuce tsari. Da zarar 6,861 ta koma sakamako, sai ta zauna kusa da 5,920 ta jimla ta huɗu, mai karatu ya ga da idonsa cewa yara 941 ba su karɓi ko kashin farko ba. Wannan ba aibi ba ne da ake ɓoyewa, domin kusan kowane babban gwaji yana rasa wasu tsakanin rajista da farawa. Amma haƙƙin mai karatu ne ya gani, ya auna da kansa. A dunƙulallen sakin layin, jimla guda ta shiga tsakanin lambobin biyu, ido bai haɗa su ba.

Jimla ta uku, wato manufa, ba ta da kai nata a tsarin kanu huɗu. Wasu suna rufe shimfiɗa da ita, wasu suna buɗe hanyar bincike da ita, kuma marubutan asalin tsakuren na biyun suka yi. Ni na fi son ta rufe shimfiɗa, don mai karatu ya shiga bayanin hanya yana riƙe da tambayar da ake son amsawa. Duk inda ka sa ta, kada ta ɓace. Na sha ganin tsakure da aka sake tsarawa manufarsa ta salwanta gaba ɗaya, kawai don babu akwatin da aka rubuta sunanta a kai.

Jimlar da ta ratsa gida uku

A jimla ta shida zan daɗe, domin a nan ne sake tsari yake iya sauya ma'anar bincike ba tare da an taɓa lamba ko ɗaya ba.

Ma'aunin haɗari kwatanci ne tsakanin rukuni biyu. In ya fito 1, babu bambanci. In ya yi ƙasa da 1, rukunin allura ya fi samun sauƙi. In ya haura 1, rukunin magani ne ya fi. An sami 0.92. Lambobin da ke cikin baka, 0.84 zuwa 1.01, su ne iyakar ƙasa da ta sama da ake kyautata zaton gaskiyar lamarin tana tsakaninsu, domin gwaji ɗaya ba ya ba da amsa daidai wa daida. Ita kuma 1.20 wani shinge ne da masu binciken suka kafa tun kafin farawa: sun ce muddin iyakar sama ba ta kai nan ba, za su yarda cewa allurar ba ta gaza maganin ba.

Ka ga ke nan jimlar ta kasu uku. Shingen 1.20 an yanke shi tun farko, asalin gidansa hanyar bincike. Ana iya barinsa kusa da 0.92 a sakamako, kamar yadda aka yi a asalin tsakuren, amma da sharaɗin kalmomin "da aka gindaya tun farko" su biyo shi, domin shingen da aka kafa bayan an ga alƙaluma ba shinge ba ne. Lambar 0.92 da iyakokinta sakamako ne. "Allurar ba ta gaza maganin ba" kuwa hukunci ne, kammalawa ne. Kalmomi irin "don haka", "wannan ya nuna", "saboda haka" su ne ɗinkin da ke nuna inda sakamako ya ƙare fahimta ta fara, a nan ake farkewa.

Yanzu ga tarkon. Mai sake tsari ya zo kan kammalawa, ya ɗaga ido ya ga 278 a rukunin allura da 305 a rukunin magani. "Ba ta gaza ba" ta yi masa nauyi a baki, yana son jimla mai santsi, sai ya rubuta "allurar ta fi maganin". Da wannan ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba. Iyakar sama 1.01 ce, ta ɗan haura 1, ma'ana ba a kore yiwuwar cewa biyun daidai suke ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne allurar ba ta yi ƙasa da maganin da wani gwargwado mai yawa ba, iyakarsa ke nan. In jami'in da ke tsara kasafin lafiya ya karanta "ta fi", zai iya tunanin a daina rabon maganin damina a koma allura, alhali babban saƙon binciken shi ne a haɗa su.

Wannan ba tsoro ne na banza ba. A 2010 Isabelle Boutron da abokan aikinta sun buga nazari a mujallar JAMA a kan gwaje-gwaje 72 waɗanda babban abin da suka auna bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba. Sun tarar a kashi 58 cikin ɗari na tsakurensu, an murɗa kammalawar ta yadda maganin zai fito kamar ya yi amfani. A kan kammalawa aka fi samun wannan murɗiya, kuma shi ne kan da mai gaggawa yake fara kai ido.

Shi ya sa na riƙi doka ɗaya ba na sassautawa: duk abin da kammalawa ta faɗa, dole in iya ɗora yatsa a kan lambar da ta tsaya masa a sakamako. "Haɗin ya fi kowannensu" yana da 113 a gefen 305 da 278, ya tsaya da ƙafarsa a batun kamuwa. In na so in ƙara cewa haɗin ya fi kowannensu rage mutuwa, sai in lura cewa sakin layina kwatanci da magani kaɗai ya kawo. Ko dai in koma cikin maƙalar in ɗauko ɗaya lambar, ko in tsaya inda hujjata ta tsaya.

Ga yadda ya koma bayan tsefewa:

> Shimfiɗa. Zazzaɓin cizon sauro har yanzu babbar matsala ce a yankin Sahel, inda yake tsananta da damina. An yi wannan gwaji don a ga ko allurar RTS,S kaɗai ba ta gaza maganin kariya na damina ba, da kuma ko haɗin biyun ya fi kowannensu.
>
> Hanyar bincike. An raba yara 'yan wata 5 zuwa 17 a Burkina Faso da Mali gida uku ta hanyar ƙuri'a: magani kaɗai, allura kaɗai, ko duka biyun. Babban abin da aka auna shi ne kamuwa da zazzaɓin cizon sauro wanda gwajin jini ya tabbatar. An gindaya 1.20 tun farko a matsayin iyakar rashin gazawa.
>
> Sakamako. An raba yara 6,861. Daga ciki 5,920 suka karɓi kashin farko, aka bi su shekara uku. A kowace shekarar bibiya ta yara 1,000, an sami kamuwa 305 a rukunin magani, 278 a rukunin allura, 113 a rukunin haɗi. Ma'aunin haɗarin allura a kan magani 0.92 ne (0.84 zuwa 1.01). Idan aka kwatanta da maganin kaɗai, haɗin ya rage kamuwa da kashi 62.8 cikin ɗari, ya rage mutuwa sanadiyyar cutar da kashi 72.9 (2.91 zuwa 92.4). Yara biyar sun yi jijjiga saboda zafin jiki washegarin allura, duk sun warke.
>
> Kammalawa. Allurar kaɗai ba ta gaza maganin ba wajen hana kamuwa. Haɗin biyun ya rage kamuwa fiye da kowannensu shi kaɗai.

Mai lura zai ga jimla ɗaya da ba ta cikin sakin layin farko, wato wadda ta faɗi babban abin da aka auna. Da na gama rabo sai na ga gidan hanyar bincike ya faɗi su wa aka gwada da abin da aka ba su, amma bai faɗi me ake ƙidayawa ba. Wannan giɓi daga cikin cikakkiyar maƙala ake cike shi, ba daga ka ba. In maƙalar taka ce, buɗe sashen hanyar bincike ka ɗauko. In ta wani ce aka ba ka gyara kuma ba ka da cikakkiyar, ka bar masa tambaya a gefe. Na taɓa ganin mai gyara ya tarar da kan hanya ya yi kaɗan, sai ya ƙara "ta hanyar ƙuri'a" don ya ga haka ake yawan rubutawa, alhali binciken tambayoyi ne aka yi wa duk wanda ya zo asibiti. Kalmomi uku suka ɗaga binciken zuwa matakin da bai taka ba. Marubucin ne ya kama kuskuren kafin a buga.

Idan kalmomi suka yi yawa

Tsakure mai kanu yakan fi dunƙulalle tsawo. Jimlar da aka tsaga biyu kowane ɓari sai an ba shi kai da gindi, ga kuma giɓin da aka cike. Mujalla kuwa ba ta ɗaga ƙafa: in akwatin ya ce 250, ba zai karɓi 251 ba. Dole a rage, kuma wurin da mutum ya zaɓi ragewa yana da muhimmanci.

Hannu yakan fara zuwa kan lambobin cikin baka, don sun yi kama da ƙari. Dubi na mutuwa: kashi 72.9, amma daga 2.91 zuwa 92.4. Wannan faɗi yana gaya maka cewa yaran da suka rasu kaɗan ne, alhamdu lillahi, don haka lissafin ba shi da ƙarfin da zai tsayar da lamba guda. Ragin yana iya zama babba ƙwarai, yana iya zama ɗan kaɗan. In ka cire bakan, "kashi 72.9" zai tsaya shi kaɗai da ƙarfin da bai mallaka ba, kuma shi za a ɗauka a yaɗa. Abu na biyu da ake saurin jefarwa shi ne jimlar yaran nan biyar. Ba ta da daɗin ji, ba ta kuma shiga cikin labarin nasara. Amma illa sakamako ce kamar yadda amfani yake sakamako, kuma uwar da za a ce ta kawo ɗanta allura tana da haƙƙin likitanta ya san da ita.

Inda kitsen yake shi ne shimfiɗa. Jimla biyu sun ishe ta: abin da aka sani, da abin da ba a sani ba wanda ya jawo binciken. Wanda ya buɗe maƙala a kan zazzaɓin cizon sauro ba ya buƙatar a gaya masa sauro ne ke kawo shi. Bayan nan sai kalmomin haɗi irin "bugu da ƙari" da "daga nan sai muka", waɗanda dunƙulallen sakin layi ke buƙata don ya riƙe kansa. Kanu sun karɓi aikinsu, ana iya sallamar su. A ƙiyasina, sakamako ya kamata ya fi kowane gida girma, hanyar bincike ta biyo, sauran biyun su raba abin da ya rage.

Kafin a fara duk wannan, a duba ƙa'idar mujallar da za a aika wa, domin sunayen kanun ba ɗaya ba ne. The Lancet tana amfani da Findings a madadin Results, da Interpretation a madadin Conclusions, ta kuma ƙara Funding don a faɗi wanda ya ba da kuɗin binciken. JAMA kanunta sun fi huɗu, tana farawa da Importance. Rumbun PubMed yana tattara ire-iren waɗannan sunaye ya mayar da su rukuni biyar a bayan fage, na biyar ɗin shi ne manufa. Ga yadda ake ganin haka a cikin bayanansa:

```
<AbstractText Label="FINDINGS" NlmCategory="RESULTS">
```

Ma'ana, ko da mujalla ta sauya suna, aikin gidan bai sauya ba, kuma tambayar "yaushe aka san wannan" tana nan tana aiki.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda muka fi daɗewa a kai da likitar nan. A ajiye sabon tsakure a gefe ɗaya, teburan alƙaluman maƙalar a ɗaya gefen, a bi lamba bayan lamba da fensir. Wajen kwashe jimla daga nan zuwa can ne 278 take komawa rukunin magani, ko "idan aka kwatanta da maganin kaɗai" ya faɗi a hanya, kason ya rasa abin da ake kwatanta shi da shi. Ana iya yin ɗan lissafin gwaji ma: daga 305 zuwa 113 ragin 192 ne, wato kusan kashi 63 cikin ɗari, wanda ya yi kusa da 62.8. Ba zai zo daidai cif ba, domin masu binciken sun yi amfani da lissafi mai la'akari da lokacin da kowane yaro ya ɗauka ana bin sa. Amma da ya fito kashi 40, da ka san wani abu ya zame.

A nata tsakuren, a wannan mataki ne muka tarar adadin majinyatan da ta rubuta a sama ya ɗara na teburinta na farko da mutum goma sha ɗaya. Ta yi shiru tana duba takardun, can ta ce, "Malam, waɗanda ba su dawo ba ne. Na cire su a lissafi, na manta ban cire su a nan ba." Ta ɗauki biro ta rubuta lambobin biyu a ƙarƙashin sakamako, waɗanda aka ɗauka da waɗanda aka yi lissafi da su, ɗaya kusa da ɗaya.